Kamfanin Inshora Ya Ƙi Biyanka? Yadda Ake Kai Ƙara NAICOM da Lokacin da Ya Dace

Yawancin masu zuwa hukumar inshora da ƙorafi suna zuwa ne da jumla guda: "Sun cinye mini kuɗi." Ma'aikacin da zai buɗe fayil ba zai iya aiki da wannan jumla ba, ko da gaskiya ce. Abin da yake son sani shi ne wane irin ciwo ne. Shin kamfanin ya amsa cewa zai biya ne amma yana jan ƙafa? Ko ya ce ba zai biya ba sam? Ko kuwa ya yarda zai biya, amma adadin da ya faɗa bai kai abin da kake nema ba? Waɗannan cututtuka uku ne dabam, kuma ƙarfin hukumar a kansu ba ɗaya ba ne. A kan na farko hannunta yana da nauyi sosai. A kan na biyu tana iya tilasta wa kamfani ya kare kansa da hujja. A kan na uku sau da yawa sai dai ta zaunar da ku a tebur. Wanda ya gane wane ne nasa tun kafin ya ɗauki biro ya rage wa kansa wahalar watanni.

A Najeriya hukumar da ke sa ido a kan harkar inshora ita ce NAICOM, wadda aka kafa da dokar 1997, hedikwatarta tana Garki a Abuja. Ita ke ba kamfanonin inshora da na takaful, wato inshorar Musulunci, lasisi, haka dillalan inshora da masu ƙiyasta asara, kuma dokar da ta kafa ta ce ta ba ta ikon buɗe sashen karɓar ƙorafi a kan waɗannan mutane. Kai ƙara wurinta ba ya buƙatar lauya.

Domin kada maganar ta tsaya a iska, za mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. Mu ɗauka wani Alhaji ne mai shagon atamfa da leshi a Kantin Kwari. Ya yi wa kayan shagonsa inshorar gobara ta naira miliyan 20. A daren 3 ga Maris, wajen ƙarfe biyu, wuta ta tashi a shagon maƙwabcinsa ta tsallako nasa. Kayan da ke cikin shagon a daren sun kai na miliyan 32, waɗanda suka ƙone ko ruwan kashe gobara ya lalata sun kai na miliyan 16. Bayan wata uku kamfani ya aiko masa da tayin miliyan 6. Alhaji ya ce zalunci ne, miliyan 16 ɗinsa yake so.

Mataki na farko: ka tabbatar ƙofar da za ka ƙwanƙwasa ita ce daidai

Ba duk abin da ake kira inshora ne ke ƙarƙashin NAICOM ba. Idan rigimarka da kamfanin inshorar lafiya ce, wanda ya ƙi biyan asibiti, hukumar NHIA ce mai wannan. Maganar kuɗin fansho da ke hannun kamfanin fansho ta hukumar PenCom ce, sai dai idan ka riga ka sayi fanshon har-mutuwa daga kamfanin inshorar rai, a nan NAICOM tana da ta cewa. Ajiyar da ta maƙale a bankin da aka rufe kuwa ta NDIC ce.

Sai tambaya mai ɗaci: takardar da ke hannunka ta gaske ce? A inshorar mota wannan ne ke kashe ƙararraki da yawa tun ba su tashi ba. Tun 1 ga Janairun 2023 kuɗin inshorar dole ta ƙaramar motar gida, wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, naira 15,000 ne, kuma tana biyan ɓarnar dukiya har miliyan 3. Idan wani ya yi maka ita a bakin ofishin lasisi a kan naira 3,000, to ka sayi takarda ce kawai. Ana iya dubawa a rumbun bayanan kamfanonin inshora ta askniid.org, ko a waya a danna:

```
*565*11#
```

Idan lambar motarka ba ta fito ba, ka tambayi kamfanin da sunansa ke jikin takardar, a rubuce, ko daga gare su ta fito. In suka ce ba su san da ita ba, hukumar ba za ta sa su biya yarjejeniyar da ba su ƙulla ba. Wannan ta zama maganar damfara, ta 'yan sanda.

Abu na uku shi ne kuɗin inshorar da kansa. Ƙa'idar ita ce ba biya, ba kariya, kuma tun farkon 2013 hukumar ke aiwatar da ita ba sassauci. Wanda ya ce "zan kawo ƙarshen wata" sannan gobara ta riga ƙarshen wata zuwa, ba shi da ƙara. Alhajinmu ya biya ta hannun dillali mai lasisi, kuma yana da rasit. Wannan ya ishe shi, domin tun dokar inshora ta 2003 aka ɗauki kuɗin da aka ba dillali mai lasisi a matsayin wanda aka ba kamfani. Idan dillalin ya riƙe kuɗin bai miƙa ba, wannan tsakaninsa ne da kamfani da hukumar.

Mataki na biyu: ka yi lissafin da kamfani ya yi, kafin ka ce an cuce ka

A nan zan daɗe, domin a nan ne ƙara ke samun ƙashin baya ko ta rasa shi.

Alhaji yana ganin ya yi inshorar miliyan 20, asararsa miliyan 16, saboda haka a biya shi 16 cif. Amma kusan kowace takardar inshorar gobara tana da sharaɗin da 'yan harkar ke kira abarej. Ma'anarsa: idan ka yi wa kaya inshora ƙasa da ainihin ƙimarsu, to kai ne ka ɗauki nauyin ragowar, kuma duk asarar da ta faru za a raba ta tsakaninku gwargwadon haka. Kayan Alhaji na miliyan 32 ne, ya rufe miliyan 20. Wato kashi biyar cikin takwas ya rufe. Kashi biyar cikin takwas na miliyan 16 shi ne miliyan 10. Daga nan a cire abin da takardar ta ce mai shago ne zai fara ɗauka a kowace asara, wanda suke kira eksas. Mu ce a tasa naira 500,000 ne. Saura miliyan 9 da rabi.

Wannan miliyan 6 da rabi da ta zube tsakanin 16 da 9 da rabi, babu hukumar da za ta dawo masa da ita. Yana cikin yarjejeniyar da ya sa wa hannu. Abin tausayi ne, don sau da yawa ba ganganci ke jawo shi ba: mutum ya rubuta miliyan 20 shekara uku da suka wuce, yana ta sabuntawa a haka, alhali farashin atamfa ya ninka, ko kuwa gobarar ta same shi ana gab da Salla shago cike har rufi. Amma tausayi ba ya goge sharaɗi.

To ina sauran miliyan 3 da rabi, tsakanin 9 da rabi da tayin miliyan 6? Da Alhaji ya nemi bayani a rubuce, sai kamfani ya ce an rage ne saboda gwangwanin kashe wuta da ke shagon wa'adin sabis ɗinsa ya wuce, kuma takardar ta wajabta a riƙa kula da shi. Nan ne ƙararsa take. Wutar ta taso daga shagon wani, da tsakar dare, shago a kulle, ba kowa a ciki. Ko gwangwanin sabo ne dal, wa zai ɗauke shi ya fesa? Tsohuwar dokar 2003, a sashe na 55, ta tanadi ƙa'idar cewa saɓa wani sharaɗi ba ya zama wa kamfani mafaka sai idan sharaɗin yana da alaƙa da haɗarin ko asarar da ta auku. Saboda haka ƙarar Alhaji ba ta miliyan 10 ba ce, ta miliyan 3 da rabi ce. Ƙaramar ƙara mai tushe ta fi babba wadda za a rusa rabinta a minti biyar na farkon zama, sannan a kalli sauran da idon shakka.

Hanyar yin wannan lissafi a taka matsalar ita ce ka nemi abu biyu daga kamfani: cikakkiyar takardar yarjejeniya da duk sharuɗɗanta (mutane da yawa shafin farko kaɗai ke hannunsu), da bayanin yadda aka kai ga adadin da aka yi maka tayi, layi bayan layi. Mai ƙiyasta asara da ya zo ya auna toka ya ƙirga ragowar dila, kamfani ne ya ɗauko shi ya biya shi, kuma ga kamfani yake kai rahotonsa. Ba lallai su ba ka rahoton duka ba, amma dole lissafin ya zama abin da za a iya nunawa. Ƙin nuna shi ma abin faɗa wa hukuma ne.

Mataki na uku: ka bi ta cikin kamfanin, amma a rubuce

Tambayar farko da hukumar za ta yi ita ce ko ka kai kukanka ga kamfanin, kuma me suka ce. Idan amsarka ita ce "na je ofishinsu sau goma", za a tambaye ka takarda. Zuwa ofis, kiran waya, shan shayi da manajan reshe yana cewa "Alhaji ka ƙara haƙuri, Legas muke jira", duk ba sa barin sawu.

Ka rubuta wasiƙar ƙorafi zuwa ga shugaban kamfanin a hedikwata, ka sa sashen ƙorafi da dillalinka a kwafi. Ka kai kwafi biyu reshe mafi kusa, su buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka, sannan ka tura ta imel a ranar. Ka sa wa'adi da kanka. Kwana 14 ya wadatar. Ka faɗa a fili cewa in wa'adin ya cika ba amsa, za ka kai maganar NAICOM. Ba barazana ba ce, sanarwa ce, kuma sau da yawa ita kaɗai ke fito da fayil daga ƙarƙashin tebur, don babu kamfanin da ke son sunansa ya yawaita a rajistar ƙorafi ta mai ba shi lasisi.

Alhaji ya rubuta tasa ranar 14 ga Yuni. Ranar 5 ga Yuli amsa ta zo: tayin miliyan 6 shi ne na ƙarshe. Ya ji haushi, amma a gaskiya kyauta suka ba shi. Yanzu yana da matsayarsu a rubuce, da dalilinsu, da sa hannunsu.

Akwai takarda ɗaya da ya kamata ka tsaya a kanta. Idan kamfani ya yi tayi, yakan haɗo da baucar sallama, wadda za ka sa wa hannu cewa ka karɓi wannan adadi a matsayin cikakken biya na ƙarshe. A al'adar harkar a nan, ana sa hannu ne kafin kuɗi su shigo. Idan ka gamsu da adadin, ka sa hannu da wuri, ka rubuta kwanan wata, ka ajiye kwafi, domin ita ce shaidar cewa sun amsa bashin. Idan ba ka gamsu ba, kada ka sa hannu da niyyar "in karɓi wannan tukuna, in nemi sauran daga baya". Ranar da ka je neman sauran, ita za a shimfiɗa maka a gaba. Mutumin da shagonsa ya ƙone, masu bashi suna bakin ƙofa, shi ya fi kowa saurin faɗawa wannan rami. Abin da ya fi shi ne ka rubuta ka nemi a biya ka ɓangaren da ba a jayayya a kansa a matsayin biyan wucin gadi, ba tare da ka yafe sauran ba. Suna iya ƙi, amma neman ya shiga fayil.

Yaushe ne lokaci ya yi?

Idan ka samu amsar ƙarshe a rubuce kuma lissafinka ya nuna akwai saura, kamar Alhaji, ba abin jira. Ka tafi a makon.

Idan wa'adin da ka ba su ya cika shiru, ka aika tunatarwa guda ɗaya ta kwana bakwai, in ta wuce ka tafi. Shiru ma amsa ce, muddin kana da hatimin karɓa.

Idan sun amsa za su biya, ka sa hannu a bauca, kuɗi ba su shigo ba, wannan ce ƙara mafi ƙarfi, don babu sauran abin muhawara. Dokar 2003 ta ba kamfani kwana 90 daga fitar da baucar ya biya, haka kuma kwana 90 daga ranar da ka kai buƙatarka ya ba ka dalilin ƙin biya a rubuce in ƙi zai yi. Sabuwar dokar gyaran harkar inshora da aka sa wa hannu a shekarar 2025, wadda ta maye gurbinta, ƙara matse maganar biyan diyya a kan lokaci ta yi. Duk wanda ya cika wata uku yana jiran kuɗin da aka riga aka amince masa, ya wuce kowane uzuri. A ganina bai ma kamata ya kai haka ba: wata guda bayan sa hannu, ya fara rubutu.

Akwai kuma lokacin da ba a tsayawa kammala matakan cikin gida. Idan ka lura ba kai kaɗai ba ne, an rufe reshe, ma'aikata suna ƙorafin albashi, ana ce maka za a biya ka kashi-kashi, to matsalar ba fayil ɗinka ba ce, aljihun kamfanin ne. A Yunin 2022 NAICOM ta soke lasisin Niger Insurance da Standard Alliance, tsofaffin kamfanoni da mutane suka daɗe da sani. Da zarar an kai nan, masu bin diyya sun koma layin masu bin bashi a gaban wanda aka naɗa ya tattara kadarori, kuma wannan layi ba ya sauri.

Mataki na huɗu: takardar ƙarar

Ana aika ta ga Kwamishinan Inshora, wanda shi ne shugaban hukumar. Za ka iya kai ta hannu a hedikwata ko ofishin shiyya, ko ka bi hanyar ƙorafi da ke shafinsu na naicom.gov.ng, daga nan ne kuma ya kamata ka ɗauki adireshi da lambar waya, ba daga bakin wani ba. Aikin ofis da Turanci ake yi, don haka in ba ka da shi, ka tsara maganarka da Hausa tukuna, ka ba wanda ka yarda da shi ya juya, ya karanto maka. Kada ka bar shi ya yi mata ado.

Shafi ɗaya zuwa biyu ya isa. A sama ka sa sunanka kamar yadda yake a takardar inshora, sunan kamfani, lambar yarjejeniya, lambar buƙatar diyya, da sunan dillali in akwai. Sannan labari da kwanan wata, ba tare da sifa ko zagi ba. Ga yadda ta Alhaji za ta kasance a taƙaice:

"Ranar 3 ga Maris gobara daga shagon maƙwabci ta ƙona mini kaya. Na sanar da kamfani ranar 4 ga Maris, na miƙa duk takardun da suka nema ranar 16, mai ƙiyasta asara ya zo ranar 20. Ranar 10 ga Yuni aka yi mini tayin naira miliyan 6. Na amince da ragin abarej da na eksas, wanda ya kawo haƙƙina miliyan 9 da rabi. Ban amince da ƙarin ragin miliyan 3 da rabi saboda gwangwanin kashe wuta ba, domin wutar ta taso daga waje da ƙarfe biyu na dare shago a rufe, kamar yadda rahoton 'yan kwana-kwana ya nuna. Na kai ƙorafi ga kamfani ranar 14 ga Yuni, suka ƙi ranar 5 ga Yuli. Ina roƙon hukuma ta umurce su su biya ni miliyan 9 da rabi."

Dubi jumlar ƙarshe. Ta faɗi abin da yake so da adadi. "Ina roƙon a bi mini haƙƙina" ba ta gaya wa kowa abin da zai yi ba.

A bayanta ka jera kwafi, ba asali ba, kowanne da lamba: takardar yarjejeniya, rasit ɗin biya, sanarwar farko, rahoton 'yan kwana-kwana da na 'yan sanda, hotuna, rasitan sayen kaya da littafin shago, wasiƙar tayi, wasiƙarka ta ƙorafi mai hatimi, da amsarsu. Idan littafin shago ya ƙone tare da kaya, wanda shi ne abin da ya fi faruwa, bayanan asusun banki da kwafin rasitai daga wajen dilolin da kake saro kaya suna iya tsaya masa. Idan diyyar mamaci ce, sai a ƙara takardar shaidar rasuwa da abin da ke nuna kai ne aka rubuta ka karɓa, ko takardar kotu ta kula da gado.

Kada ka ɓoye takardar da ba ta yi maka daɗi ba. Kamfani zai kawo ta. Kada kuma ka ƙara wa asara ko sisi. Ƙarya a buƙatar diyya tana iya rusa ta gaba ɗaya, har ɓangaren da yake halal ɗinka.

Abin da ke faruwa bayan ka miƙa

Hukumar za ta shigar da ƙarar a rajista. Ka karɓi shaidar karɓa ko lambar ƙara, da ita za ka riƙa bibiya. Daga nan za ta rubuta wa kamfanin, ta haɗa da ƙorafinka, ta nemi su yi bayani. A wannan gaɓa ce ƙararrakin jan ƙafa da yawa ke mutuwa mutuwa mai kyau: sai ka ji alat, ko a kira ka a ce ka zo a daidaita. In haka ta faru, ka sanar da hukumar a rubuce bayan kuɗi sun shiga, ba kafin ba.

In kamfani ya kafe, jami'an hukumar za su ɗora amsarsa a kan sharuɗɗan yarjejeniya da doka da ƙa'idojin hukumar. Suna iya neman ƙarin takardu daga gare ka, kuma jinkirin amsa musu shi ne hanya mafi sauƙi ta sa fayil ya yi barci. Idan takardu ba su warware ba, sai a kira zama: kai, wakilan kamfani, sau da yawa har da dillali da mai ƙiyasta asara. Ba kotu ba ce. Ba a rantsar da kowa, ba a kawo shaidu a yi musu tambayar ƙwaƙwa. Masana harkar ne ke tambayar masana harkar, kuma amfaninka ke nan, don dalilin da zai rufe maka baki a ofishin reshe ba lallai ya yi tasiri a gaban wanda ya san aikin ba. A zaman Alhaji tambayar da za a yi wa kamfani guda ce: ku nuna yadda gwangwanin da ba a yi wa sabis ba ya jawo wutar ko ya ƙara asarar. In ba su iya ba, ragin ba shi da ƙafa.

Ka je da fayil ɗinka a jere, da dillalinka in kana da shi, don tsaya maka a irin wannan rana yana cikin abin da ya ci kamasho a kansa. In an yi tayin sulhu a zaman, kana da damar cewa za ka yi shawara. In kun daidaita, a rubuta adadi da ranar biya.

Ƙarfin hukumar yana fitowa ne daga lasisi. Tana iya umurtar kamfani ya biya, ta ci shi tara, ta tsoma hannu a shugabancinsa, a ƙarshe ta soke lasisinsa. Kowane kamfani kuma yana da ajiyar dole a Babban Bankin Najeriya, kuma dokar 2003 ta ba hukumar ikon biyan diyyar da aka amince da ita daga wannan ajiya in kamfani ya ƙi. Shi ya sa na ce a kan bashin da aka amsa hannunta ke da nauyi.

Inda take da rauni shi ne inda gaskiyar abin da ya faru ce ake jayayya a kanta. Kamfani ya ce kai ka cinna wutar, kai ka ce ƙarya ne. Ko ya ce kayan da ke shagon ba su kai rabin abin da ka faɗa ba, ku duka ba mai takarda. Irin wannan sai an auna shaidu, aikin alƙali ne. Haka kuma kada ka sa ran za ta ba ka diyyar ɓacin rai, ko ribar da ka rasa a watannin da shago ke rufe in ba ka sayi kariyar wannan ba.

Masu takaful hanyarsu ɗaya ce da wannan, don NAICOM ce ke kula da su tun ƙa'idojin da ta fitar a 2013. Bambancin shi ne kowane kamfanin takaful yana da kwamitin malamai masu ba shi shawara kan Shari'a, kuma in ƙorafinka ya taɓa wannan fanni, kamar rabon rarar asusu, ka sa su a kwafin wasiƙarka ta farko.

Agogon da ba ya tsayawa

Kuskure mafi tsada shi ne a ɗauka cewa tunda ƙara tana gaban hukuma, lokaci ya tsaya. Bai tsaya ba. Dokokin jihohi sun ƙayyade shekarun da za a iya kai ƙarar yarjejeniya kotu, shida a wasu jihohi, biyar a wasu. Wanda ya fi wannan haɗari yana cikin takardarka. Takardun inshorar gobara da yawa suna ɗauke da sharaɗin cewa in an ƙi buƙatarka kuma ba ka shigar da ƙara cikin wata uku ba, ka rasa haƙƙinka, ko kuma cewa kamfani ba shi da alhaki bayan wata 12 da aukuwar asarar sai in maganar tana gaban kotu ko masu sasanci. Ka nemo wannan sharaɗi a taka takardar tun ranar da aka ƙi ka, ka rubuta ranar cikarsa a bangon fayil.

Ga Alhaji, in takardarsa tana da sharaɗin wata 12, ranar ita ce 3 ga Maris na shekara mai zuwa. Ya kai ƙara hukuma 8 ga Yuli. Zai riƙa bibiya a rubuce duk mako biyu ko uku da lambar ƙararsa. In Disamba ta kama ba a kai ga matsaya ba, lokacin ganin lauya ya yi, ya bar wa kansa wata uku na shiri. Lauyan zai fara duba ko takardar ta wajabta sasanci, don yawancinsu suna cewa in saɓanin a kan adadi ne, sai an bi ta masu sasanci kafin kotu. Zai kuma gaya masa cewa da zarar magana ta shiga kotu, hukumar takan janye hannunta ta bar wa alƙali. A kan miliyan 3 da rabi, sai Alhaji ya zauna da biro ya cire kuɗin lauya, da kasonsa na ladan mai sasanci, da shekarun da kuɗin za su yi suna rage daraja. In a zaman hukuma kamfani ya hau zuwa miliyan 8 da rabi da alkawarin biya cikin mako biyu a rubuce, ni dai zan ce masa ya karɓa ya koma kasuwa, kuma wannan karon ya rubuta ainihin ƙimar kayan da ke shagon, a lokacin da ya fi cika.